Tsohon rubutun da na sake ɗorawa ban karanta ba

Ranar Juma'a zan miƙa makullin shafukan ofis ga wanda zai gaje ni. Da nake tattara masa takardu na ci karo da rubutun da ya fi kowanne karɓuwa a duk zamana a wurin, kuma shi ne dai wanda ya fi ba ni kunya.

A 2020 na rubuta shi: abin da mutum zai yi idan yana zargin wani na karanta saƙonninsa na WhatsApp. Ya yaɗu sosai, har waɗanda ba su san ofishinmu ba suna turo mana godiya. Shekara uku bayan haka, a wani wata da shafin ya yi sanyi kuma rahoton ƙarshen wata ya matso, oga ya tuna da shi. Ya ce in ɗauko in sake ɗorawa yadda yake. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni kwana ɗaya in duba shi." Ya ce abin da ya riga ya ci ba ya bukatar dubawa, kada in taɓa ko wasali. Laifina a nan shi ne ban ma karanta ba. Na kwafa, na liƙa, na tashi.

A cikin rubutun akwai wata jimla da ta ce idan kana zargin an haɗa asusunka da wata kwamfuta, ka kashe datar wayarka, nan take mai leƙen zai yanke. A 2020 gaskiya ce, domin a lokacin WhatsApp na kwamfuta ba ya aiki sai wayar tana kan intanet. Amma daga 2021 kamfanin ya fara sauya tsarin, ya zama na'urar da aka haɗa tana ci gaba da karɓar saƙo ko da wayar a kashe take, sai an kwana 14 ba a yi amfani da wayar ba sannan ta fita da kanta. Wato mun ce wa mutane su kashe data su kwanta da kwanciyar hankali, alhali mai leƙen yana nan zaune yana karatu. Ga kuma hotunan allon waya da muka saka, suna nuna a danna WhatsApp Web, sunan da tuni aka mayar Linked devices.

Kafin la'asar wata baiwar Allah ta rubuta cewa ta bi matakanmu tun safe, ta kasa ganin abin da hotonmu ya nuna, ko wayarta ce ta lalace? Wani kuma ya kwafo jimlar datar ya ce wannan ƙarya ce. Bai yi ƙarya ba. Washegari a taron safe oga ya tambaya, a gaban kowa, wa ya bari wannan ya fita ba a tantance ba. Na yi shiru. Har yau ina jin ɗacin shirun nan.

Na sauke rubutun, na ɗauki kwana biyu ina gyara shi, kuma a kwana biyun nan na koyi aikin da ya kamata a ce na iya tuntuni.

Na fara da tambayar me ya sa ya karɓu tun farko, kuma amsar ba ta cikin yawan waɗanda suka danna alamar so. Na koma ƙarƙashin tsohon rubutun na karanta sharhin mutane ɗaya bayan ɗaya, na duba abin da masu yaɗawa suke rubutawa a kai idan sun tura. Kusan duk layin farko suke maimaitawa, inda na kwatanta alamar da ke tayar da hankali: ka tarar an buɗe saƙon da kai ba ka buɗe ba. Mutane sun ga kansu a wannan layin. Shi ne ƙashin bayan rubutun, don haka na bar shi yadda yake. Da na ɗauka hotuna ne suka ja mutane, da na riƙe ruɓaɓɓen na zubar da mai kyau.

Daga nan na raba rubutun jimla-jimla a takarda, waya a hannu, ina gwada kowace. Kowace jimla na sa mata ɗaya daga alama uku: tana nan daram, ta canza, ko ta mutu. Shawarar kada ka ba kowa lambobi shida da ake turowa ta tes tana nan daram. Sunan wurin da ake dannawa ya canza. Maganar kashe data ta mutu, kuma ita ce mai hatsari, domin a ido lafiyarta ƙalau. Mataccen adireshi ko tsohon hoto suna tona kansu. Shawarar da zamani ya wuce ba ta tona kanta, sai ka aro waya ta biyu ka haɗa ka kashe data ka ga saƙo yana shigowa. A madadinta na rubuta abin da ke aiki: a shiga Linked devices, a duba jerin, duk na'urar da ba a gane ba a danna ta a zaɓi Log out. Na ƙara da cewa tun Afrilun 2023 ana iya haɗa wata wayar ma, ba kwamfuta kaɗai ba.

Sabon abin da na ƙara, daga bakin mutane na samo shi. Tambaya ɗaya ta yi ta dawowa a tsohon sharhi, ba mu taɓa amsa ta ba: na karɓo asusuna, amma yana neman wata lambar sirri da ban saka ba. Amsar ita ce ɓarawon ne ya kunna Two-step verification, wato ya sa wa asusun lambar sirri ta biyu, kuma sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da ita ba, amma shi ɓarawon ya riga ya fita tun lokacin da aka saka lambobi shidan. Wannan sakin layi ɗaya ne ya ba waɗanda suka karanta na farkon dalilin sake turawa.

Sauran ƙanana ne. Na ɗauki sababbin hotuna na Android da na iPhone daban, tunda wurin dannawar ba ɗaya ba ne. Na faɗa a fili cewa tsohon rubutu ne aka sabunta, da abin da ya sauya. Na koma kan na 2020, wanda har lokacin yana yawo a hannun mutane, na sa gargaɗi a samansa da hanyar zuwa sabon.

Ba kowane tsohon rubutu ne ya cancanci wannan wahalar ba. Daga baya na gwada da wani da ya yi tashe ranar da Facebook da WhatsApp suka ɗauke na sa'o'i a Oktoban 2021. Na gyara shi tas, bai motsa ba, domin ranar ce ta ɗaga shi, kuma ranar ta wuce.

Wanda na gyara ɗin ya yi kyau, har ya shiga rahoton shekara a matsayin misalin "sabuwar dabarar sashe", da sunan oga a ƙasa. Takardar nan mai alama uku kuwa na saka ta a saman fayil ɗin da zan miƙa ranar Juma'a, na rubuta a gefenta da jan biro cewa jimlar kwana 14 ma a sake gwada ta kafin a ɗora.