Laraba, bayan jarrabawar data sitirakca

Yanzu na dawo daga masallaci, kaina har yanzu yana kan tambaya ta biyu ta jarrabawar yau, bari in rubuta ta tun ban manta ba. Ƙarfe tara muka shiga hol, awa biyu aka ba mu, tambayar kuma ta sitak da kiyu ce, an ce dukansu babu komai a ciki da farko, a bi layukan nan a faɗi abin da ya rage a kowanne:

```
S.push(4)
S.push(7)
S.push(2)
Q.enqueue(S.pop())
Q.enqueue(9)
Q.enqueue(S.peek())
S.push(Q.dequeue())
S.push(S.pop() + Q.dequeue())
```

Layi takwas ne kawai amma ban yarda in yi ta da ka ba, sai na juya bayan takarda na ja layi biyu da fensir, ɗaya na S ɗaya na Q. Sitak dai kamar kwanukan da aka ɗora kan juna ne, na sama shi ake fara ɗauka, shi ya sa na sa 'yar kibiya a hannun dama na rubuta "sama". Kiyu kuma layin jarkoki ne a bakin famfo, wadda ta riga zuwa ita ke fara tafiya, sabuwa kuma sai ta bi baya, to nan a hagu na rubuta "gaba".

Layuka ukun farko ba matsala, S ya zama 4, 7, 2, kuma 2 ce a sama. A na huɗu sai ka fara da abin da ke cikin baka tukuna, `pop` ta ciro 2, sannan 2 ɗin ta shiga Q. S ya koma 4, 7. Aka ƙara 9 a Q ya zama 2, 9.

A layi na shida na yi kuskure. Hannuna ya riga ya saba da gogewa, ina ganin S a cikin baka sai na soke 7 na kai ta Q, alhali `peek` leƙe kawai take yi, ta gaya maka abin da ke sama ta bar shi inda yake. Na ci gaba a haka har ƙarshe na samu S ɗina 4, 11, wallahi ban ga wani abin tuhuma ba, har na fara kwafewa da biro. Abin da ya cece ni shi ne ƙirgen da malaminmu ya sha nanata mana a aji, wai kafin ka miƙa amsa ka ƙirga sau nawa aka saka, sau nawa aka cire. `push` biyar ne, `pop` biyu, ke nan dole abu uku su rage a S, ni kuma biyu gare ni. Gabana ya faɗi, na koma ina bin layi layi da yatsa har na gano 7 ɗin da na soke ba dalili.

Da na gyara sai Q ya zama 2, 9, 7, S kuma yana nan 4, 7. Layi na bakwai `dequeue` ta ɗauko 2 daga gaba aka ɗora ta kan S, ya zama 4, 7, 2, Q ya rage 9, 7. Na ƙarshe kuma aiki uku ne a layi ɗaya, an ciro 2 daga saman S, an ciro 9 daga gaban Q, an haɗa ya ba da 11, sannan aka mayar S. Amsa dai S shi ne 4, 7, 11 da 11 a sama, Q kuma 7 kaɗai. Na ƙirga na Q ma, an saka uku an cire biyu, saura ɗaya, ya yi daidai. Na kuma rubuta a fili wanne ne sama wanne ne gaba, don in ka rubuta 11, 7, 4 ba bayani mai maki ba zai san ta ina ka fara ba.

Da muka fito wata 'yar ajinmu ta tare ni ƙarƙashin darbejiya, ta ce Malam ni 16 na samu, kuma na ƙirga ya yi daidai. Muka zauna muka bi tata a bayan littafi, ashe daga bayan layi take cire na Q, ta fara ɗaukar 7 sannan 9, 7 da 9 suka ba ta 16, Q ɗinta ya rage 2. Uku a S ɗaya a Q, adadin duk daidai, don ƙirge yawan abubuwa kawai yake dubawa, ba ya ganin ta wane ɓangare ka cire. Na ji mata zafi sosai don ta san karatun, kibiyar ce kawai ba ta sa ba. Mun yi alkawarin haɗuwa a laburare gobe bayan la'asar mu bi tambayoyin bishiya tare.