Lambar da ta yi kwana tara tana kira na

Wata lamba ce ta dame ni watan da ya wuce, kullum sai ta kira sau biyu ko uku, wani lokacin har bayan isha'i, in na ɗaga shiru sai wani shuuu kamar iska sannan a katse, in na bi kiran kuma a kashe take. Kwana tara ana haka. Gaskiya hankalina ya tashi don ina harkar POS, kuma kun san mai riƙe kuɗin mutane ba ya son irin wannan kiran.

Na fara da Truecaller kamar kowa. Na rubuta lambar a wajen bincike, na cire sifilin farko na sa +234 a gabanta, sai ga suna ya fito wai Mai Gas. To akwai wani mai sayar da gas a bayan layinmu da muka taɓa samun saɓani kan canji, nan take zuciyata ta ce shi ne, har na sa takalmi zan je in same shi. Allah ya taimake ni ƙanina yana gida, ya ce Yaya tsaya, ka san daga ina wannan sunan yake zuwa kuwa?

Ashe sunan da Truecaller ke nunawa ba daga rajistar layi yake fitowa ba. Kamfani ne na ƙasar Suwidin, ba shi da hannu a rajistar NIN ɗinmu, yawanci yana tattaro sunaye ne daga yadda mutane suka adana lambar a wayoyinsu, ko abin da mai lambar ya rubuta da kansa. Wato in mutum goma sun yi sabin ɗinka da Mai Gas to kai Mai Gas ne a can, ko da ka bar sana'ar, ko da ma layin ya bar hannunka. Kuma layi yana barin hannu, in aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na karɓewa ya sayar wa wani, sunan tsohon mai shi kuma ya ci gaba da fitowa.

Sai muka bi hanya ta biyu wadda ni da nake POS ya kamata in fara tunawa da ita. A OPay da PalmPay lambar asusu ai lambar waya ce ba sifilin farko. Na buɗe manhajar bankina kamar zan tura kuɗi, na sa lambobi goman, na zaɓi PalmPay, babu komai. Na canza zuwa OPay sai ga cikakken suna, na mace, suna uku. Ban tura ko sisi ba, sunan yana fitowa ne kafin a nemi fin ɗinka, daga nan ka koma baya. Wannan ya fi na farko ƙarfi saboda da BVN ko NIN ake buɗe asusun, amma shi ma sai in mai lambar ya buɗe, kuma yana iya zama na tsohon mai layin. Na kuma adana lambar na leƙa WhatsApp ko zan ga hoto, lambar ba ta kan WhatsApp ɗin ma.

Yanzu ina da suna biyu da ba su haɗu ba, ɗaya sana'a ɗaya sunan mace. Na karanta wa Umma sunan macen da daddare, ta yi salati ta ce ai ƙanwar babanku ce ta ƙauye, mu da Goggo kawai muka san ta shi ya sa sunan bai faɗo mini ba. Da muka samu jikanta a waya ya ce wata shida ke nan da ya sayo mata sabon layi ya buɗe mata asusu don a riƙa tura mata kuɗin magani, ƙaramar wayarta ta faɗa ruwa makirfon ya mutu, tana ji na ina cewa halo halo ni ba na jin ta, caji kuma sai an kai kasuwa shi ya sa kullum a kashe. So take ta gaya mini ƙafarta ta sake kumbura. Abin ya taɓa ni sosai, kwana tara tsohuwa tana nema na.

In sunan bai fito maka ko'ina ba kuma kiran ya koma barazana, ofishin kamfanin waya ba za su ba ka sunan mai layi ba, sai dai ka kai wa 'yan sanda hoton jerin kiran da ranaku da lokuta su nema a hukumance. In kuwa lambar ƙasar waje ce mai ringin ɗaya ta katse, kar ka bi ta, katinka ake so a cinye, ka yi bulokin kawai.

Ranar Asabar na je ƙauyen da sabuwar waya, na kawo Goggo asibiti, lambar kuma na adana ta da sunanta.