Laraba a ɗakin gwaji: samfurin goron da ya zube

Yau na wuni a kan awon sinadarin kafeyin da ke cikin busasshen goro, kuma da yake na'urarmu ta kuromatogirafin gas, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur, ba ta da mai yin allura da kanta, da hannu nake zuba kowane samfur, mikrolita ɗaya tak, da ƙaramin sirinji. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san cewa hannu ba ya maimaita kansa daidai, domin ɗan kumfar iska a cikin sirinji, ko jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen zare allura daga mashiga mai zafi, ya isa ya sauya yawan abin da ya shiga.

Da safe na fara da ruwan gwaji da na haɗa da kaina, mai ɗauke da mikrogiram 100 na kafeyin a kowace mililita, da kuma daidai wannan adadi na fenasetin, wanda shi na zaɓa ya zama ma'aunin ciki, wato baƙon sinadari da ake sa sanannen adadinsa a cikin kowane samfur don a riƙa gwada abin da ake nema da shi. Na yi allura sau uku. Faɗin tudun kafeyin, wato alamar da na'urar ke zanawa gwargwadon yawansa, ya fito 42,100, sai 46,300, sai 39,900, tazarar da ta kai kusan kashi 16 cikin ɗari alhali daga kwalba ɗaya na ɗebo. Tudun fenasetin ma haka ya riƙa hawa da sauka, 60,200 da 66,000 da 57,100, amma da na raba na farko da na biyu a kowace allura, sai na samu 0.699 da 0.702 da 0.699. Ashe idan allura ta yi yawa ta yi wa dukansu biyu yawa ne, idan ta gaza ta gaza musu tare, rabon da ke tsakaninsu kuwa bai motsa ba. Na ɗauki 0.70 a matsayin F, wato rabon da ake samu idan adadinsu ɗaya ne, kuma ga lissafin da na yi aiki da shi, inda m ke nufin nauyi, A faɗin tudu, x kafeyin, is kuma fenasetin:

```
m(x) = [A(x) / A(is)] × m(is) / F
```

Bayan azahar na koma kan goron. Tun jiya na yi allurar ruwan goro zalla don in tabbatar babu wani tudu da ke fitowa a gurbin fenasetin, domin da akwai, da duk lissafin ya rushe. Na auna garin goro giram 0.500 har kashi biyu, na jiƙa kowanne a ruwan zafi, na tace, na sa miligiram 10.0 na fenasetin, sannan na girgiza da dikuloromitan, ruwan sinadarin da ke janye kafeyin da fenasetin daga ruwan goron, a cikin mazurarin rabewa. A nan ne kashi na biyu ya ba ni wahala: ruwan biyu suka cakuɗe suka yi kauri a tsakiya kamar kunu, suka ƙi rabuwa, kuma ina ƙoƙarin tsiyaye na ƙasa sai wani ɓangare ya malale a kan tebur. Raina ya ɓaci, har na ɗauki kwalbar zan zubar, sai na tuna cewa fenasetin ya riga ya shiga tun ba a yi ɓarin ba.

Kashi na farko ya ba da 44,500 da 57,800, rabonsu 0.770, wanda ya fitar da miligiram 11.0 na kafeyin, wato kashi 2.2 cikin ɗari na nauyin garin. Kashi na biyu ya ba da 33,100 da 43,200. Tudun fenasetin ya ragu da kusan rubu'i, shaidar abin da tebur ya sha ke nan, amma rabon ya tsaya a 0.766, wato miligiram 10.9. Da a ce tudun kafeyin kaɗai na duba, da na rubuta kashi 1.6 cikin ɗari.

Wani ɗalibi da ke tsaye kusa da ni ya ce, "Malam, ashe ke nan ko nawa aka yi asara ba komai?" Na ce masa a'a, kuma wannan tambaya ce na dawo gida ina juyawa a raina. Ma'aunin ciki yana gyara asarar da ta faru bayan an sa shi ne kawai, kuma sai idan ta shafi sinadaran biyu daidai wa daida, kamar ɓari ko kuskuren allura. Kafeyin da ya maƙale a cikin dusar goro da na tace na yar, fenasetin bai san da shi ba. Haka kuma kafeyin ya fi fenasetin son zama cikin ruwa, saboda haka idan girgizawar ba ta wadatar ba, rabon zai karkata ƙasa ba tare da wata alama ba. Masu na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari suna kauce wa wannan da kafeyin mai ɗauke da kabon-13, wanda halinsa ɗaya da na asali, amma namu injin ba zai iya bambance su ba.

Gobe zan sa fenasetin a kan garin tun ban zuba ruwan zafi ba, kuma zan bi da ruwan gwajin ta cikin mazurarin rabewa kamar yadda nake bi da samfur, in ga ko F zai tsaya a 0.70.