Canjin bawul ɗin zuciya: na ƙarfe ko na nama?

A Jidda da Makka na sha ganin 'yan uwanmu an ce musu "na ƙarfe ya fi daɗewa", sun amince nan take. Gaskiya ne, yakan kai ƙarshen rayuwa. Amma sai an sha warfarin, maganin hana daskarewar jini, kullum har abada, ana gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, aƙalla duk wata. A bawul ɗin mitral, wanda ke ɓangaren hagu na zuciya, ana son INR ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. In ya sauka jini ya daskare a kan bawul, in ya hau jini ya ɓalle. Na naman saniya yakan yi shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma bai kai haka ba, shi ya sa aka fi ba wanda ya haura 65. Abin da ke damuna shi ne wanda zai koma ƙauye inda babu wurin gwajin. A gaya wa likita wannan kafin tiyata.