Rasit arba'in da minti goma

Aikin da ya fi koya mini halin waya ba wani babban aiki ba ne. Manhaja ce ƙarama da na rubuta wa wani dattijo mai harkar masara a Aboabo, nan Kumasi. Yaransa suna zuwa Ejura su sayi hatsi, kowane ciniki sai su rubuta yawan buhu da kuɗi, su ɗauki hoton rasit, manhajar ta tura wa saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, shi kuma ya gani daga shago. A teburina komai ya tafi daidai. Wayata na jone da caji, allo a kunne, intanet na gida mai ƙarfi. Ban san cewa wannan yanayin ne kaɗai yaran ba za su taɓa samun kansu a ciki ba.

Mako na biyu Alhaji ya kira ni bayan la'asar. Ya ce, "Ɗana, yaron nan ya rantse ya saka rasit arba'in tun jiya, ni kuma ko ɗaya ban gani ba. Ko dai shi ke ƙarya, ko abin naka." Na ce, "Baba, a ba ni wayar tukuna, kada a yi masa faɗa." Gara da na faɗi haka, domin laifin nawa ne.

Da farko na yi abin da yawancin masu koyo suke yi: mutum ya danna maɓallin ajiyewa, sai in buɗe wani zare, wato layin aiki na daban, a bayan fage ya fara tura hoto. Muddin manhajar na kan allo, lafiya lau. Amma yaron yana gama danna maɓalli sai ya koma WhatsApp, ko ya jefa wayar a aljihu ya hau mota. Daga wannan lokacin Android ba ta ɗauke ni a bakin komai ba. Wayar mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2 ce, kuma idan wuri ya yi ƙaranci, tsarin yana kashe manhajojin da ba a kallo, ya fara da waɗanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Ba ya sallama, ba ya jiran ka kammala. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki kawai, ya tafi ke nan.

Ko ba a kashe ka ba, akwai barci. Tun Android 6.0 ta shekarar 2015 aka kawo abin da ake kira Doze. Idan waya ba ta kan caji, allo a kashe, an ajiye ta ba motsi na wani lokaci, sai tsarin ya toshe wa manhajoji hanyar intanet, ya jinkirta ayyukan da aka tsara. Lokaci-lokaci yana buɗe ɗan taga, kowa ya yi abin da zai yi da sauri, sannan ya rufe, kuma tazarar da ke tsakanin tagogin tana ƙara tsawo yayin da wayar ta daɗe a ajiye. Android 7 ta ƙara wani sassauƙan nau'insa da ke aiki ko wayar na yawo a aljihu. Android 8 ta 2017 kuma ta hana manhajar da ke bayan fage tayar da hidima yadda ta ga dama. Dalilin duka ɗaya ne, batir. Na daɗe ina jin haushin wannan, har ranar da aka ɗauke wuta a unguwarmu tun safe, wayata ta kai ni dare da ɗan abin da ya rage mata. Wanda ya san dumso, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ba zai zagi Doze da zuciya ɗaya ba.

Sai na koma WorkManager, wanda shi ne hanyar da aka tanada don irin wannan aiki. Kai ba ka cewa "yi yanzu". Kana rubuta buƙata ne, ka faɗi sharaɗinta, misali sai akwai intanet, shi kuma ya adana ta a rumbunsa, ya miƙa wa tsarin ya zaɓi lokaci. Ko an kashe manhajar, ko an kashe wayar an kunna, buƙatar tana nan. Na gyara, na ce wa Alhaji an gama. Kwana uku ya sake kira. A wannan karon rasit suna zuwa, amma na farko-farkon ne kawai, kuma kowanne ya zo sau uku, sau huɗu. Na ƙarshen ba su taɓa isowa ba.

Nan ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko. Kowane hoto daga kyamarar wayar ya kai kusan megabait 3. Guda 40 sun zama megabait 120. Na sa manhajar ta riƙa rubuta lokacin fara aiki da lokacin tsayawa, na kuma auna saurin turawa a inda yaron yake kwana: wajen kilobait 100 a daƙiƙa. Raba 120,000 da 100, ka samu daƙiƙa 1,200, wato minti 20. Shi kuwa aiki na yau da kullum a WorkManager minti 10 ake ba shi. A wayar yaron, mai Android 11, da minti goman ya cika sai a tsayar da shi. Rubutun da na tara ya nuna haka ƙarara: an fara, bayan minti goma cif an kira `onStopped()`, an sake farawa daga baya, bayan minti goma an sake tsayarwa. Ni kuma na rubuta aikin ne yadda sai ya tura duka arba'in kafin ya yi musu alamar an gama. Duk sanda aka tashe shi, sai ya koma kan rasit na ɗaya. Yana kaiwa wajen na ashirin, a yanke shi. Kamar mai ɗiban ruwa da kwando, ga wahala, ga datar yaron tana ƙonewa, megabait 60 a kowane zagaye, shi da yake sayen ta da kuɗin aljihunsa.

Gyaran bai buƙaci wata dabara mai zurfi ba, sai dai ya canza yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. Na daina tunanin yadda zan hana a tsayar da ni, na koma tambayar kaina: idan aka yanke ni a wannan layin, me zai faru? Yanzu da an danna ajiyewa, ciniki yana shiga rumbun bayanai na cikin waya da alamar "bai tafi ba", hoton kuma a matse shi zuwa kusan kilobait 300, wanda har yanzu ana karanta rubutun rasit sarai. Arba'in ɗin suka koma megabait 12, minti biyu a wancan saurin. Aikin turawa yana ɗaukar guda ɗaya, ya tura, saba ta amsa, ya yi masa alama nan take, sannan ya duba rumbu ya ɗauki na gaba. A yanke shi a na goma sha bakwai, in ya farka daga nan zai ci gaba.

Maimaituwar ma tana da wata kafa da ban gani da wuri ba. Yana yiwuwa saba ta karɓi rasit, amma amsarta ta ɓace a hanya saboda sabis ya yanke. Waya za ta ɗauka bai tafi ba, ta sake turawa. Babu yadda za a yi waya ta bambance wannan da wanda bai isa ba sam. Maganin yana wajen saba: kowane ciniki ana ba shi lambar UUID, wato lambar shaida tasa shi kaɗai, tun a waya, lokacin da aka ƙirƙire shi, idan saba ta ga lambar da ta riga ta sani sai ta ce "na karɓa" ba tare da ta sake rubutawa ba. A harkar da ake lissafin sidi da buhu, rasit ɗaya ya fito sau biyu ya fi rashin fitowarsa haɗari, don wanda bai zo ba ana nemansa, wanda ya zo sau biyu kuwa sai a biya.

Ga yadda buƙatar take a yanzu:

```kotlin
val req = OneTimeWorkRequestBuilder<UploadWorker>()
    .setConstraints(Constraints.Builder()
        .setRequiredNetworkType(NetworkType.CONNECTED).build())
    .setBackoffCriteria(BackoffPolicy.EXPONENTIAL, 30, TimeUnit.SECONDS)
    .build()
WorkManager.getInstance(ctx).enqueueUniqueWork(
    "upload", ExistingWorkPolicy.APPEND_OR_REPLACE, req)
```

Sunan guda ɗaya, wato "upload", yana hana ayyuka biyu su yi ta kokawa kan rasit ɗaya a lokaci guda. Na taɓa sa `KEEP` a madadin `APPEND_OR_REPLACE`, sai na lura idan sabon ciniki ya shigo daidai lokacin da aikin ke rufewa, ana watsar da sabuwar buƙatar, rasit ɗin ya kwana har sai wani ya biyo bayansa. Idan turawa ta gaza saboda sabis, aikin yana mayar da `Result.retry()`, a jira daƙiƙa 30, sai 60, sai 120, tazarar na ninkuwa har iyakar awa biyar. Amma idan saba ta ce bayanin kansa ne ba daidai ba, ba na sake gwadawa. Ina ware shi in nuna wa mai wayar, in ba haka ba rasit ɗaya marar kyau zai tare wa sauran hanya. Na kuma bar `CONNECTED` da gangan. Da na zaɓi `UNMETERED`, da aikin zai zauna jiran intanet irin na gida ko ofis, abin da yaran ba sa samu a kasuwar hatsi.

Gwaji ma ya canza. Ba na yarda da komai sai na sa wayar barcin dole daga kwamfuta:

```
adb shell dumpsys battery unplug
adb shell dumpsys deviceidle force-idle
adb shell dumpsys jobscheduler
```

Na farko yana sa ta ɗauka an cire caji, na biyu ya jefa ta cikin Doze, na uku ya nuna ayyukan da ke jira da sharaɗin da bai cika ba. A wayoyi masu Android 12 zuwa sama, `getStopReason()` yana faɗa maka dalilin tsayarwa kai tsaye, abin da ni sai da na ƙirga mintuna kafin na gano.

Akwai abin da har yau ya fi ƙarfina. Wasu wayoyin suna zuwa da nasu mai tsaron batir, wanda idan aka share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, yakan yi mata tsayarwar dole. Manhajar da aka yi wa haka ba ta da sauran aiki a bayan fage sai mutum ya sake buɗe ta da hannunsa, kuma WorkManager ba shi da ta cewa. Yaran Alhaji kuwa sun saba share komai don waya ta yi sauri. Abin da na iya shi ne na sa babban rubutu a shafin farko: rasit nawa ne ba su tafi ba, da lokacin da na ƙarshe ya tafi, da maɓallin "tura yanzu" wanda ke aiki suna kallo. Na bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya a shago na cire manhajar daga takurawar batir.

Ranar kasuwa ta gaba yaron ya kira ni daga tasha, ya ce, "Yaya, ya nuna saura bakwai, in jira ko in hau mota?" Na ce ya danna maɓallin, ya bar allon a kunne. Kafin kwandasta ya gama loda buhuna lambar ta koma sifili, ya hau.