Kafin ka sa hannu a kantar hayar mota, tambayi abin da ke wuyanka

Ƙannena masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Dubai saro kaya, ko zuwa Ingila karatu, da yawanku za ku ɗauki hayar motar da za ku tuƙa da kanku. A nan Kano mun saba hayar mota da direbanta, in an goge ta tsakanin direba ne da maigidansa. A can mabuɗi ake miƙa maka, alhakin motar kuma ya hau kanka tun daga wannan lokacin. Kuɗina sun ƙone a wannan harka, kuma ba na son naku su bi sahu.

Idan ka yi rajistar mota ta intanet, za ka ga an rubuta cewa farashin ya haɗa da CDW. Mutum ya gani sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka komai ya sami motar inshora za ta biya. Abin da yake nufi shi ne kamfanin ya yafe maka biyan cikakken kuɗin gyara, amma ya bar wani kaso na farko a wuyanka. Wannan kason shi ne adadin da ke gaban kalmar Excess a takardar yarjejeniya. In an rubuta dirhami 3,000, aka yi ɓarnar 1,200, duka kai za ka biya, kamfani ba ya sa ko kwabo. In ɓarnar ta kai 20,000, kai ka biya 3,000, sauran nasu ne. To yawancin abin da ke samun motar haya ƙaramar ɓarna ce: gogewar bamba wajen fakin, ƙofar da wani ya buga. Irin waɗannan kusan kullum suna ƙasa da wancan adadin, ke nan daga aljihunka za su fito. Kuma a yawancin yarjejeniyoyi kason na kowane haɗari ne dabam. Ka goge gaba ranar Litinin, ka goge baya ranar Laraba, sau biyu za a lissafa maka.

Ga yadda tawa ta kasance a Dubai. Na biya kuɗin mota ta wani shafin dillalai, na ƙara kuɗi na sayi abin da suka kira cikakkiyar kariya. Da na isa kanta, ma'aikacin ya ce zai riƙe dirhami 3,000 a katina. Na nuna masa takardar cikakkiyar kariyar. Ya ce wannan tsakanina da dillali ne, kamfaninsu ba ya ciki. Gaskiya ya faɗa. Abin da dillali ya sayar mini alƙawarin mayar da kuɗi ne: in an yi ɓarna, kamfanin haya ya cire kasonsa daga katina, daga baya in tara takardu in nemi dillali ya biya ni. Ba ya rage ko sisi daga abin da ake riƙewa a kanta.

A nan ne ɗan kasuwa ke shiga tsaka mai wuya. Kuɗin da aka riƙe ba za ka iya taɓa su ba sai ka maido mota, bankinka kuma ya sake su, wanda kan ɗauki kwanaki, wani lokacin makonni. In da su ka yi niyyar cikon kaya a Deira, lissafinka ya rushe. Ga shi kamfanoni da yawa katin bashi suke so mai ɗauke da sunan direba, mu kuwa galibinmu katin cire kuɗi muke riƙewa. Wasu su ƙi shi, wasu su karɓa amma su ce sai ka sayi tasu kariyar. Tasu kariyar, wadda ake rubutawa Super CDW, ita ce ke rage kason ko ta shafe shi, kuma a kullum ake lissafa ta. A ce dirhami 50 ne a rana, ka riƙe mota mako guda, 350 ke nan da ba za su dawo ba, a kan 3,000 da za su iya dawowa duka in ba abin da ya faru. Kowanne yana da fuska. Ni dai ra'ayina, baƙon da bai san hanyoyin gari ba, kuma jarinsa ba shi da yawa, gara ya sayi ta kamfanin hayar, ya bar ta dillali. Abin da ba shi da ma'ana shi ne sayen biyun, kuma gajiyar tafiya da layi a bayanka suna sa mutum yin haka.

Ban sayi tasu ba, na bari aka riƙe kuɗin. Ana nan wani ya goge mini bamba a wurin fakin, ban gan shi ba. Sai na yi irin ta gida. A Kano in aka goge ka a Ƙofar Nasarawa, ku fito ku duba, a ba juna haƙuri, gobe ka kai wa mai gyaran jikin mota ya shafe. Na ga abin bai kai a tayar da hankali ba, na ci gaba da harkata. Ranar maido mota suka nemi rahoton 'yan sanda. A Dubai kowace ɓarna sai da wannan rahoton, ko da ba ka san wanda ya yi ba, kuma ana iya neman na ƙaramin haɗari ta manhajar 'yan sandan Dubai. Ba ni da shi. Suka cire 1,200 na gyara da wani kuɗin aikin takardu a kai. Dillali ma da na nemi ya mayar mini, rahoton yana cikin takardun da ya buƙata, shi ke nan na tashi ba ko ɗaya. Da ɓarnar babba ce abin ya fi haka muni, domin rashin rahoto na iya rushe yafiyar gaba ɗaya, sai iyakar 3,000 ɗin ma ta tashi, a bi ka cikakken kuɗin gyara.

Haka yafiyar ke rushewa in wanda sunansa ba ya kan takarda ya tuƙa. Mu kuwa ba mu iya hana aboki mabuɗi ba. In kun san ku biyu za ku riƙa tuƙi, ku sa sunansa tun a kanta, ko da da ƙarin kuɗi. Sannan akwai sassan da CDW na kamfanoni da yawa ba ya taɓawa tun asali: tayoyi, gilashi, ƙarƙashin mota, cikinta, ɓatan mabuɗi, da zuba dizal a motar fetur. Wanda bai kai shekara 25 ba kuma ya sa ran ƙarin kuɗi, wani wurin har kason nasa ya fi na kowa.

A gida ma tambayar tana nan, in ka sami mai ba ka mota ba direba. Inshorar dole da yawancin motocinmu ke ɗauke da ita, wadda ta koma naira 15,000 a shekara ga motar gida tun Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta gyara motar da kake ciki. Ka tambayi mai motar wa zai biya in an buge ta, kuma har nawa, a rubuta a gaban shaida.

Kafin ka tayar da mota, zagaya ta da waya kana ɗaukar bidiyo, har da ƙasan bamba da bakin wili, ka sa ma'aikaci ya rubuta duk tabon da ka gani a takarda. Ranar maidowa ka je da sauran lokaci kafin jirginka, ma'aikaci ya duba a gabanka, ya ba ka takardar rufe haya mai nuna ba sabuwar ɓarna. Ka adana ta har sai ka ga bankinka ya saki kuɗin, domin in an ciro wani abu bayan ka dawo Kano, da ita za ka yi jayayya.