Talata, ranar wasiƙar kamfanin ɗab'i

Tun bayan azahar nake zaune kan wasiƙar da zan aika wa wani kamfanin ɗab'i a kan littafin yaran da na rubuta. Shafi ɗaya tak nake so ta tsaya, domin edita ba shi da lokacin karanta tarihin rayuwata.

Sakin layin farko ya zo da sauƙi: labari ne mai hotuna na 'yan shekara 5 zuwa 8, kalmomi wajen 450, shafi 32. Wannan 32 ɗin ba ni na zaɓa ba. Maɗaba'a na buga shafuka takwas-takwas ko sha shida-sha shida a babbar takarda guda sannan a naɗe, shi ya sa adadin ke faɗowa haka. In an cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, buɗi 14 ne kusan, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna, ke rage wa labari.

Sakin layi na biyun ne ya ci mini yini. Yaya, da yake malamar firamare ce, ta leƙo ta ce, "Ki rubuta musu cewa littafin na koyar da gaskiya da riƙon amana mana." Na ce, "Yaya, ai kowa haka yake rubutawa." Editan da ya ga wannan jimlar wa'azi zai zata, ya ajiye. Sai na ba da labarin kansa: an aiki Ladidi sayen manja da naira 500, mai shago ya ɗauka dubu ta ba shi, ya miƙo canji ya yi yawa. Ta cire wani abu daga ciki ta sayi alewa. Da yamma ta tarar yana tuhumar yaron shagonsa da sata, ga kuɗin kuma ba su cika a hannunta ba. Na faɗi ƙarshen ma, yadda ta mayar da ragowar ta biya cikon da sharar ƙofar shago, tunda edita ba mai saye ba ne da za a ja masa rai.

Hotuna ban haɗa ba, ni ba mai zane ba ce, kuma kamfani ya fi son ya zaɓi nasa. Wuri ɗaya kawai na yi ishara, inda rubutu ke cewa "ba komai" alhali hoto zai nuna hannunta dunƙule cikin hijabi.

A ƙarshe na fito fili: so nake su ɗauki nauyin bugawa su ba ni kaso daga ciniki. A Kano sau da yawa marubuci ne ke biyan kuɗin bugu, kuma bugun kala da tsada, gara a san matsaya tun yanzu. Na ambaci makarantun firamare da na Islamiyya a matsayin masu saye.

Gobe zan biya shagon kwamfuta a Sabon Gari a fitar mini da kwafi, Yaya ta karanta wa 'yan ajinta kafin in aika.